Daga sidi 387 zuwa sidi 63 a awa: lissafin wani mai zanen tambari a Aboabo

Yadda lamarin yake a Janairun 2025

Matashin da wannan nazari ya shafa yana zaune a Aboabo cikin Kumasi, kuma sana'arsa zanen tambarin kamfani da katin kasuwanci da hotunan talla. Da safe yana taya yayarsa tsaron shagon atamfa a Kejetia, sai bayan la'asar ya zauna gaban laftof har dare. Yawancin kwastomominsa na ƙasashen waje ne, yana samunsu ta dandalin Fiverr kuma da dala suke biya. Jifa-jifa yakan samu aikin gida daga masu shaguna a Adum ko Asawase, su kuma su biya da sidi ta MoMo.

Babban aikinsa ƙunshi ne na dala 300: tambari, katin kasuwanci, da hotuna biyar na shafukan sada zumunta. A ƙiyasinsa aikin na cin awa 12, wato dala 25 a awa. Dala na wajen sidi 15.5 a lokacin, don haka idan an tambaye shi sai ya ce awarsa ta haura sidi 387. Da wannan adadi yake yanke duk wata shawara, har da ƙin karɓar wani aikin gida na sidi 1,000 don yana ganin bai kai darajar lokacinsa ba.

Abin da ya tada maganar shi ne kuɗin haya. Mai gida ya nemi a sabunta biyan gaba, aka duba asusu babu abin kirki, ga shi kuwa kusan kullum yana kan aiki. Yayarsa, wadda ba ta sayar da ko yadi ɗaya ba tare da ta rubuta a littafi ba, ta ce masa: "Ƙanena, kuɗin da kake faɗa min na kan allo ne. Nawa ne ya shigo hannunka, kuma awa nawa ka zauna a kansa?" Ya ce, "Yaya, wannan sai na duba." Da ya duba, ba shi da rubutun ko ɗaya daga cikin biyun.

Ƙarshen Janairu: lissafi daga ka

Yunƙurin farko shi ne ya koma kan ayyukan watan da ya wuce ya tuno awoyin kowanne. Bai yi amfani ba. Duk aikin da ya tuno sai ya faɗi kusa da awa 12 ɗin da ya riga ya sa a ransa, domin abin da ƙwaƙwalwa ke riƙewa shi ne lokacin da hannu ke kan zane. Ba ta riƙe minti ashirin na amsa saƙo a cikin mota, ko daren da aka sake fitar da fayil saboda launi ya sauya.

Ya gane ƙiyasin ƙarya ne ta hanya mai sauƙi. Da ya haɗa awoyin da ya tuno na dukan watan, sun tsaya a wajen 35. Mutumin da ke zama gaban kwamfuta awa uku zuwa huɗu kusan kowace rana ba zai ƙare wata da awa 35 ba. Fiye da rabin lokacinsa ba a san inda ya shiga ba.

Fabrairu: wata guda na rubutu

Daga 1 ga Fabrairu ya ajiye littafi kusa da laftof. Layi huɗu ne kawai: kwanan wata, sunan aiki, lokacin farawa, lokacin tashi. Ƙa'ida biyu ya bi. Duk abin da ya yi saboda wani aiki yana shiga ƙarƙashin wannan aikin, ko da amsa saƙo ne na minti biyar. Duk abin da ya yi saboda sana'ar amma ba na wani kwastoma da ya biya ba, yana shiga wani shafi dabam da ya kira awoyin banza. Lokacin salla da cin abinci da kallon ƙwallo ba ya shiga ko'ina.

Aikin dala 300 na wannan watan ya ci awa 24. Awa ɗaya da rabi ta tafi a saƙonni kafin kwastoma ya ba da oda. Bincike da zanen gwaji sun ci awa 3, ainihin zanen ya ci 11. Gyara zagaye uku ya ci awa shida da rabi, sai fitar da fayiloli iri-iri da miƙa aiki awa 2. Ƙiyasinsa na awa 12 ashe bai yi nisa da gaskiya ba idan zanen kaɗai ake nufi. Sauran awa 13 ɗin ne ba su taɓa shiga lissafi ba.

Sai ɓangaren kuɗi. Fiverr na cire kashi 20 cikin ɗari daga kuɗin mai sayarwa, har da tukuicin da kwastoma ya ƙara. Daga dala 300 an cire kamashon dala 60, saura 240. Wannan ya sani tun da, sai dai bai taɓa cirewa ba kafin ya raba da awoyi.

Abin da bai sani ba shi ne asarar hanya. Dalar ba ta zuwa Kumasi a matsayin dala. Takan bi ta kamfanin tura kuɗi, a canza ta, ta faɗa asusun banki da sidi, kuma a kowace gaɓa akan ɗan gutsura: kuɗin cirewa, da bambancin da ke tsakanin farashin da ake gani a labarai da wanda aka canza da shi. Bin diddigin kowace gutsura aiki ne mai cin rai, kuma ba dole ba ne. Abin da ya yi shi ne ya ɗauki sidin da ya faɗa asusu ya raba da dalar da ya cire. Dala 240 a kan 15.5 za ta ba da sidi 3,720, amma 3,600 ne suka shigo. Farashin dalarsa na gaskiya ke nan sidi 15.0, kuma hanya ta ci sidi 120, kashi uku da ɗoriya cikin ɗari.

A nan awar ta riga ta sauko zuwa sidi 150, wato 3,600 a raba da 24, tun ba a taɓa kuɗin kayan aiki ba.

Farkon Maris: kuɗin kayan aiki da yadda aka raba shi

Da watan ya ƙare ya jera abin da sana'ar ke ci ko an samu aiki ko ba a samu ba. Manhajojin zane na cin dala 60 a wata, kuma a nan akwai abin lura: banki na sayar masa da dala a farashin da ya fi wanda yake samu idan shi ke karɓa. Takardar bankin ta nuna sidi 960, wato 16 a kowace dala. Mai karɓar dala ya biya da dala ta katin sidi yana shan canji sau biyu, ɗaya a shigowa ɗaya a fita. Wani rajistan na salon haruffa da hotunan gwaji na dala 15 ya zama sidi 240. Data sidi 400. Kasonsa na katin wutar ECG sidi 150.

Na biyar shi ne laftof, wanda da farko ya ƙi sawa don a ganinsa an riga an biya. Ya saye shi sidi 12,600. Idan zai yi shekara uku, wato wata 36, kowane wata yana cin sidi 350 daga jikinsa, kuma ranar da ya mutu kuɗin sabo daga wannan sana'ar zai fito. Jimillar duka biyar ta zama sidi 2,100 a wata.

Raba wannan adadi a kan ayyuka ya ba shi wahala. Da farko ya raba gida huɗu tunda ayyuka huɗu ya yi, kowanne sidi 525. Sakamakon ya danne ƙaramin aiki, ya sauƙaƙa wa babba, alhali babban ya riƙe laftof da manhaja kusan ninki uku. Sai ya koma rabawa da awa. Ayyukan huɗu sun ci awa 60, saboda haka kowace awar aiki na ɗauke da sidi 35 na kayan aiki.

Shafin awoyin banza ya tara awa 30. A ciki akwai amsa masu tambayar farashi da ba su dawo ba, sabunta hotunan baje-koli a dandali, zuwa banki, sake saka manhaja bayan ta tsaya, da wani zanen gwaji kyauta da aka nema aka ɓace. Ba wanda ya biya waɗannan awoyi, amma ba don su ba da ayyukan huɗu ba su samu ba. Awa 30 a kan awa 60 na nufin kowace awar aiki tana jan rabin awa a bayanta. Ga tsarin da ya zauna a kai:

```
saura = (farashi × 0.8 × canjin da aka samu) − (awoyin aiki × 35)
kuɗin awa = saura ÷ (awoyin aiki × 1.5)
```

Aikin dala 300: an cire sidi 840 na kayan aiki daga 3,600, saura 2,760. A raba da awa 36 maimakon 24, ya ba da sidi 76.7.

Sauran ukun duk sun zo ƙasa da haka. Aikin dala 150 ya kawo sidi 1,800, ya ci awa 13, ya tsaya a sidi 69. Tambari guda na dala 80, wanda yake wa kallon aikin shan shayi, ya kawo sidi 960 amma ya ci awa 9 saboda kwastoman ya yi ta neman gyara, ya tsaya a sidi 47.8. Aikin gida na sidi 1,500 ba shi da kamasho, amma kuɗin mota zuwa Adum sau biyu da buga samfuri da kuɗin cirewa a wurin mai MoMo sun ci sidi 100, zaman jiran mai shago kuma ya kai awoyin 14. Shi ne na ƙarshe, sidi 43.3.

A dunƙule, sidi 7,760 ne suka shigo hannu a kan ayyukan Fabrairu. An cire 2,100, saura 5,660, a kan awa 90. Kuɗin awa ɗaya ya zama sidi 62.9, kusan kashi ɗaya cikin shida na abin da yake faɗa wa mutane. Kuma wannan kafin haraji ne, domin dokar harajin kuɗin shiga ta Gana ta 2015 ta haɗa da abin da mazaunin ƙasa ya samu daga waje, kuma babu mai cire wa mai aikin kansa tun daga tushe a irin wannan ciniki.

Maris: ƙara yawan aiki

Maganin farko da ya zo masa shi ne ya karɓi duk abin da ya shigo. Ya rage lokacin miƙa aiki a shafinsa don ya jawo masu gaggawa, kuma sun zo. Ya yi ƙunshi ɗaya na dala 300 a awa 25, da tambura bakwai na dala 80 a awa 60. Jimilla dala 860, bayan kamasho 688, wato sidi 10,320. Data ta ƙaru da sidi 100, kayan aiki suka zama 2,200, saura 8,120.

Wannan ya fi na Fabrairu da sidi 2,460, kuma a ido ya yi kama da nasara. Amma awoyin aiki sun kai 85, na banza sun kai 45, domin kwastoma takwas sun fi huɗu yawan saƙo da tambaya. Sidi 8,120 a kan awa 130 ya ba da 62.5. Awar ba ta motsa ba.

Abubuwa biyu ne suka soke juna. Yawan awoyi ya sauke nauyin kayan aiki daga sidi 35 zuwa kusan 26 a awa, wannan riba ce ta gaske. Sai dai awoyin da aka ƙara duk an zuba su ne a aikin da ya fi kowanne arha cikin na dala. Ƙarin awa 40 ɗin kuma daga barci da shagon yayarsa aka ciro su. A makon ƙarshe an ɗauke wuta dare biyu a jere, aiki ɗaya ya wuce wa'adinsa, abin da ke taɓa matsayin mai sayarwa a dandali. Ya mayar da lokacin miƙa aiki yadda yake a da.

Afrilu: rage kuɗin manhaja

Tunda manhajojin zane ne mafi girma a jerin, ya yi niyyar soke su ya koma Inkscape da GIMP, waɗanda kyauta ne. Ya yi dabara ɗaya mai kyau, bai soke ba sai da ya gwada a kan aiki guda na dala 150, irin wanda ya ci awa 13 a Fabrairu.

A takarda, sokewar za ta cire sidi 960 a wata, wato ta sauke nauyin kowace awa daga sidi 35 zuwa 19. A aikace aikin ya ci awa 19. Wani ɓangare na jinkirin rashin sabo ne, wanda zai ragu da lokaci. Wani ɓangaren ba zai ragu ba: kwastoman ya nemi fayil ɗin `.ai` da `.psd`, irin na manhajojin da ake biya, masu shimfiɗu a rarrabe yadda nasa mai zanen zai iya buɗewa ya gyara, kuma maɗaba'arsa na son launi a tsarin CMYK, wanda fitar da shi daga Inkscape sai an bi ta wata manhajar. Idan an auna da awoyin aiki kaɗai, da manhajar biya aikin ya ba da sidi 103.5 a awa, da ta kyauta ya ba da 75.7. An tsimi sidi 16 a awa an yi asarar awa 6.

Wannan sakamako na irin kwastomominsa ne. Mai zanen da ke miƙa hoto kawai don a ɗora a WhatsApp ko Facebook zai iya samun akasin haka. Akwai kuma abin dubawa kafin a danna sokewa: rajistan shekara da ake biya wata-wata yakan zo da tarar fita da wuri, a tsarin Adobe, kamfanin manhajojin zane, rabin abin da ya rage na shekarar ne idan an wuce kwana 14 na farko.

Rajistan dala 15 kuwa ya soke shi, domin littafin ya nuna sau biyu kacal ya buɗe shi cikin wata uku.

Mayu da Yuni: sidi ya yi ƙarfi

Daga ƙarshen Afrilun 2025 darajar sidi ta yi tashin da ba a saba gani ba. Dalar da ke wajen 15.5 ta sauko ƙasa da 10.5 a watan Yuni. Ga mai sayen kaya daga waje wannan sauƙi ne, ga mai karɓar dala kuwa ragin albashi ne ba tare da an sanar da shi ba.

Jinkirin biya ya ƙara masa zafi. Fiverr na riƙe kuɗin aiki kwana 14 bayan an kammala kafin yawancin masu sayarwa su iya cirewa, saboda haka aikin da aka yi cinikinsa da farashin Afrilu an canza shi da farashin Mayu. Shi kuma ya ƙara da nasa, ya bar dalar a asusun dandali yana jiran ta farfaɗo, kowane mako tana ƙara sauka, har buƙata ta tilasta masa cirewa a Yuni a kan sidi 10.0.

Da ya sake lissafin da sabon canji, manhajar dala 60 ta sauko zuwa sidi 640. Data da wuta da laftof suna nan a sidi 900, ba su san an yi wani canji ba. Kayan aiki suka zama 1,540, wato kusan sidi 25.7 a awa idan an yi awa 60. Aikin dala 300 yanzu yana kawo sidi 2,400, bayan kayan aiki saura 1,784, a kan awa 36 ya zama sidi 49.6. Tambarin dala 80 ya faɗo zuwa 30.3.

Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne aikin gida. Sidi 1,400 ɗinsa ba su ragu ba, nauyin kayan aikinsa ma ya sauka, sai ya tashi daga 43.3 zuwa 49.6, daidai da babban aikin dala. Wanda ke ƙarshen layi a Fabrairu ya kamo na gaba ba tare da an canza komai a cikinsa ba. Da a ce ya maimaita ayyukan Fabrairu sak a Yuni, da watan ya ba shi sidi 4,100, wato 45.6 a awa.

Tsakiyar Yuni: lissafi daga ƙarshe zuwa farko

A nan ya daina tambayar nawa aiki ya bar masa, ya koma tambayar nawa ya kamata ya caja. Ya sa wa kansa sidi 70 a awa a kan awa 90, wato 6,300 a wata. Da kayan aiki 1,540, dole sidi 7,840 su shigo hannu, kuma awa 60 ne kawai ake biya, don haka kowace awar aiki sai ta kawo kusan sidi 131.

Daga nan farashin kowane aiki ya fito da kansa. Ƙunshin da ke cin awa 24 na buƙatar sidi 3,136, wato dala 313.6 a canjin 10.0. A nan ya kusa yin kuskuren da masu sana'ar da yawa ke yi, na ɗora kashi 20 a kan adadin don a rufe kamasho. Ba ya rufewa, domin dandali na cire kasonsa ne daga sabon farashin. Wanda ke son dala 300 ta rage masa, idan ya caji 360 za a cire 72 ya tashi da 288. Daidai shi ne a raba da 0.8, wanda ya ba da 375. Haka dala 313.6 ta zama 392. Wanda ke aiki a dandalin Upwork sai ya duba kason da aka nuna masa a kan kwangilar, domin tun Mayun 2025 kamashonsu ya daina zama kashi 10 ga kowa, yana kaiwa daga sifili zuwa 15.

Tsalle daga 300 zuwa 392 ya yi masa yawa, sai ya duba ɗaya ɓangaren. Idan aikin ya sauko zuwa awa 19, dala 310 ta isa. Kowace awar da aka rage daidai take da dala 16 da ɗoriya a farashi, kuma littafin ya nuna inda awoyin ke zuba, wato gyara da saƙonnin farko.

Ya ɗauki tsakiya. Ƙunshin ya koma dala 375 da gyara zagaye biyu rubuce a bayanin aikin, kowane ƙarin zagaye da kuɗinsa. Ya rubuta tambayoyi takwas da kwastoma zai amsa kafin a fara: sunan kamfani yadda za a rubuta shi, launukan da ba ya so, inda za a yi amfani da tambarin, irin fayil ɗin da yake buƙata, da wanda ke da ta cewa ta ƙarshe. Wannan ta ƙarshen ta fi sauran amfani, domin zagaye na uku a Fabrairu ya samo asali ne daga wani abokin kasuwancin kwastoman da bai ga zanen ba sai a ƙarshe. Tambari guda ya tashi daga dala 80 zuwa 120 da gyara zagaye ɗaya, ƙari dala 25. Zanen gwaji kyauta ya daina. A aikin gida ya koma karɓar rabin kuɗi kafin farawa da tura samfuri ta waya, zuwa shago sau ɗaya ranar miƙawa.

Wani aboki ya ba shi shawarar ya janye kwastomomin dandali zuwa waje don ya tsira da kashi 20. Bai bi ba. Dokar dandalin ta hana, hukuncinta na iya kaiwa ga rufe asusu, kuma a waje babu mai riƙe kuɗin kwastoma amana har a gama aiki.

Yuli: abin da ya fito

Ayyuka huɗu ya samu. Ƙunshin dala 375 ya ci awa 20. Tambura biyu na dala 120, ɗaya ya ci awa 7, ɗayan ya biya ƙarin gyara na dala 25 ya ci awa 8. Aikin gida na sidi 1,900 ya ci awa 13, hidimarsa sidi 50. Dala 640 bayan kamasho ta zama 512, wato sidi 5,120, da 1,850 na gida jimilla 6,970. An cire 1,540, saura 5,430.

Awoyin aiki 48 ne, na banza 26, duka 74. Kuɗin awa ya kai sidi 73.4, ya haura 70 da ya sa wa kansa, ya kuma fi na Fabrairu duk da dala ta rasa kashi ɗaya cikin uku na darajarta. Amma kuɗin watan bai kai 6,300 ba, bai ma kai 5,660 na Fabrairu ba. Wasu masu tambaya sun ga sabon farashin sun wuce, awa 16 daga cikin 90 da ya ware suka zauna babu aiki, ya mayar da su shagon Kejetia.

Hukunci

Idan aka bi faɗuwar aikin dala 300 daga sidi 387.5 zuwa 76.7 mataki-mataki, kamasho ne ya sauke shi zuwa 310, asarar canji zuwa 300, awoyin gaskiya suka raba shi biyu zuwa 150, kayan aiki suka kai shi 115, awoyin banza suka ƙarasa. Kamashon da kowa ke kuka da shi ya ci kashi ɗaya cikin biyar. Awoyin da ba a ƙirga ba sun ci rabi a mataki ɗaya, sannan kashi ɗaya cikin uku na abin da ya rage. Wannan ne ya sa gwajin Maris da na Afrilu suka gaza: na farko ya ƙara awoyi masu arha, na biyu ya rage kuɗi ta hanyar ƙara awoyi. Gyaran Yuni ya yi aiki domin ya taɓa farashi da tsawon aiki a lokaci guda, kuma an gina shi a kan sidin da ke shigowa asusu.

Sai dai a yi hattara da adadin Yuli. Wata ɗaya ne da ayyuka huɗu, kwastoma ɗaya mai wahala zai iya sauke shi da sidi goma. Kuma kuɗin awa yakan yi kyau idan aiki ya yi ƙaranci, tunda awoyin zaman jira ba sa shiga lissafin. Idan aka raba 5,430 da awa 90 da ya ware tun farko, sidi 60.3 ne. Saboda haka lambobi biyu ya kamata a riƙa dubawa tare, kuɗin awa da abin da ya rage a ƙarshen wata. A nasa yanayin yana da shagon da zai zuba ragowar lokacin. Wanda wannan sana'ar ce kaɗai abincinsa zai fi bukatar ya cike awoyin, ko da da aikin sidi 55 ne, muddin bai hana shi karɓar na 75 ba.

Farashin ƙunshin na dala 375 kuma an yanke shi ne a kan canjin 10.0 da kayan aiki na sidi 1,540. Duk lokacin da canjin da ke shigowa asusu ya motsa da sidi ɗaya, ko aka ƙara kuɗin wuta ko na manhaja, lissafin na buƙatar sabuntawa kafin a karɓi oda ta gaba. Haraji kuma har yanzu bai shiga ko ɗaya daga cikin waɗannan lambobi ba, daga cikin sidi 5,430 ɗin za a cire shi.